Yadda Ake Zaɓen Ƙananan Masu Tasiri Don Tallan Kaya, Da Yadda Ake Gane Mabiyan Bogi

Duk mai sana'ar da ya taɓa tambayar kuɗin talla a wurin manyan 'yan soshiyal midiya ya san abin da ake jin sa. Kuɗin bidiyo guda kan fi ribar wata. Shi ya sa masu ƙananan sana'o'i suka koma neman waɗanda ba su yi suna sosai ba, wato masu mabiya daga dubu goma zuwa dubu ɗari, har ma da waɗanda ba su kai dubu goman ba. Su ake nufi da ƙananan masu tasiri. Kuɗinsu da sauƙi, kuma da yawa daga cikin mabiyansu sun san su ido da ido, ko ƙawa ce, ko maƙwabciya, ko wadda ta yi wa mutum kwalliyar biki. Sai dai fa a wannan rukunin ma ana sayen mabiya, domin wanda ke da dubu uku yana iya kwana da dubu talatin idan ya biya, kuma washegari ya ninka kuɗin tallansa.

Don kada maganar ta tafi a iska, mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wata baiwar Allah ce a Kano take haɗa turaren wuta. Tana sayar da kwalba a kan naira 5,000, kayan haɗi da kwalba da takardar suna suna cin 3,200, ribarta 1,800 ke nan. A cikin gari ɗan saƙo ne yake kai mata a babur, Kaduna da Abuja kuma tana sakawa a mota daga tasha. Ta ware naira 60,000 don talla. Duk lambobin da za a gani a misalin nan na kwatance ne, kowa sai ya sa nasa a gurbinsu.

Fara da mai saye, ba da mai talla ba

Kafin ka buɗe waya, ka ɗauki littafin cinikinka ko ka duba hirarrakin WhatsApp, ka kalli mutum ashirin na ƙarshe da suka biya ka kuɗi. Su waye, a ina suke, shekarunsu nawa? Mai turarenmu idan ta duba za ta ga mata ne kusan duka, amare da iyayen amare da matan aure, kuma mafi yawansu a Kano suke, sai tsiraru a Kaduna da Abuja. Wannan shi ne ma'aunin da za ta auna kowa da shi. Mabiyin da ke Legas mutum ne na gaske, amma idan kuɗin aika masa kwalba ɗaya ya kusa kuɗin kwalbar, to a lissafinta babu shi.

Daga nan sai ta tambayi waɗannan kwastomomin nata su wa suke kallo. Ba sai an yi wani dogon bincike ba, tambaya ce a cikin hira: "Hajiya, wa kike bi a Instagram wajen kayan gida da kwalliya?" Sunan da ya fito daga bakin mutum uku ya fi wanda ta tsinta da kanta. Sai ta ƙara da neman kalmomi irin su kwalliyar amare, lalle, gyaran jiki, kayan ɗaki da girki a wurin bincike na Instagram da TikTok, ta kuma duba shafukan masu sayar da atamfa da kayan kicin ta ga su wa suke yi musu talla. Ta tara suna goma zuwa goma sha biyar. Kada ta yi wa kowa magana tukuna, domin rabin aikin tantancewa ana yin sa ne ba tare da mai shafin ya sani ba.

Abin da ake gani daga waje

Abu na farko shi ne tarihin shafin. A Instagram, idan ka shiga shafin mutum ka taɓa ɗigo ukun da ke sama, akwai wurin da aka rubuta About this account. Can za ka ga Date joined, wato lokacin da aka buɗe shafin, da Account based in, wato ƙasar da yake, da kuma Former usernames, wanda ke nuna ko an taɓa canza suna. A Facebook kuma shafuka suna da Page transparency, mai nuna ranar buɗewa, sunayen baya, da ƙasashen da masu kula da shafin suke. Amfanin wannan shi ne ana cinikin shafuka. Wani zai tara mabiya da labaran ƙwallo ko hotunan 'yan fim, ya sayar wa wata, ita kuma ta goge komai ta sa sunanta ta fara tallan kayan mata. Mabiyan mutane ne, amma ba don ita suka zo ba. Idan ka ga an canza suna sau huɗu, kuma hoto mafi tsufa bai fi wata uku ba alhali shafin ya shekara shida, ka san akwai magana. Alamar shuɗi ma kada ta ruɗe ka. Tun 2023 kamfanin Meta ya fara bayar da ita ga masu biyan kuɗin wata, don haka tana nuna an tantance wanene mai shafin ne kawai, ba ta cewa komai a kan mabiyansa.

Abu na biyu lissafi ne, kuma yana buƙatar biro da takarda. Ka ɗauki bidiyo goma sha ɗaya na baya-bayan nan, ka tsallake waɗanda aka maƙale a sama domin waɗannan zaɓaɓɓu ne, ka tsallake wanda bai kwana biyu ba domin bai gama yawo ba. Ga kowane ka rubuta yawan kallo, yawan laik da yawan sharhi. Sai ka jera lambobin kallon daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki na tsakiya, haka ma na laik da na sharhi. Kada ka tara su ka raba, saboda bidiyo ɗaya da ya yi tashe ya kai dubu ɗari biyu zai ɗaga lissafin gaba ɗaya, alhali tallanka ba irin wannan sa'ar zai samu ba. Abin da za ka saya shi ne abin da shafin yake samu a rana irin ta kullum. Da lambobin tsakiyar sai ka fitar da ƙarfin mu'amala:

```
(laik + sharhi) ÷ mabiya × 100
```

Babu wata lamba guda da aka ce ita ce doka, kuma ƙa'idar da aka sani ita ce shafi yana girma kason yana raguwa. A nawa ma'aunin, ƙaramin shafin Instagram da bai kai kashi 1 cikin 100 ba yana buƙatar bayani, wanda yake tsakanin 2 da 6 lafiya lau yake. Amma abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne yadda lambobin suke tafiya da juna. Shafin gaske ba ya tsayawa wuri ɗaya: yau kallo dubu biyu, gobe dubu bakwai, jibi ɗari tara, domin ba kowane bidiyo ne yake burge mutane ba. Idan ka ga kowane bidiyo yana da laik tsakanin 1,850 da 1,950, ko na biki ne ko na ta'aziyya, to saye ake yi, kullum adadi ɗaya. Haka kuma idan laik ya kusa kamo kallo. Mutane da yawa suna kallo su wuce, ƙalilan ne suke taɓa zuciyar, don haka bidiyo mai kallo 2,400 da laik 1,900 ba hannun mutane ba ne.

TikTok ya ɗan bambanta. Can yawancin kallo daga For You yake zuwa, wato mutanen da ba sa ma bin shafin, don haka yawan mabiya ba ya faɗin abu mai yawa. A TikTok ka riƙe kallon tsakiya, ka raba laik da sharhi da shi maimakon da mabiya.

Sharhi shi ne inda asiri ya fi tonuwa

A nan ya kamata a ɓata lokaci. Mabiya da laik da kallo duk ana sayensu da araha, amma hirar mutane da junansu tana da wuyar ƙirƙira, musamman da Hausa. Ka buɗe sharhin bidiyo biyar ka karanta, ba ka ƙirga ba. A shafin mai kwalliya na gaske za ka ga irin su "Anti nawa ne wannan hodar?", "Don Allah a ina shagonki yake?", "Ke kika yi wa ƙanwata ranar kamu", wata ta kira ƙawarta ta ce zo ki gani, wata ta yi ƙorafi cewa ta yi magana ba a amsa ta ba. Har ƙorafin alama ce mai kyau. Za ka kuma ga mai shafin tana amsawa, tana kiran wasu da sunansu.

A shafin da aka cika da bogi kuwa, sai ka ga jerin alamar wuta da zuciya, da gajerun kalmomin yabo na Turanci waɗanda za su dace da hoton mota kamar yadda za su dace da na tuwo. Akwai kuma wani nau'in da ya fi wannan wayo, wato ƙungiyar taimakon juna. Masu shafuka ashirin ko talatin sukan buɗe zaure a WhatsApp ko Telegram, duk wanda ya saka sabon abu sai ya sanar, sauran su ruga su yi laik da sharhi. Mutanen gaske ne, da Hausa suke rubutu, amma ba masu saye ba ne. Hanyar gane su ita ce ka rubuta sunayen masu sharhi goma na farko a bidiyo uku daban-daban. Idan mutane ɗaya ne suke dawowa, kuma da ka shiga shafukansu ka tarar dukkansu masu neman talla ne, to ka gano zauren.

Wani abu da ke ruɗar mutane shi ne sharhin roƙo. Bidiyon da aka ce a rubuta amin, ko a rubuta lambar asusu don a samu kyauta, zai tara sharhi dubu. Ka cire irin waɗannan daga lissafinka gaba ɗaya. Shafin da ya girma ta hanyar rabon kuɗi da katin waya ya tara masu jiran a ba su ne, kuma idan ya yi maka talla saƙonnin da za su cika wayarka na neman taimako ne.

Daga sharhi sai jerin mabiya. Ka buɗe shi, ka gangara ƙasa sosai kada ka tsaya a na sama, ka zaɓi mutum talatin barkatai ka shiga shafin kowa. Alamun asusun bogi sanannu ne: suna mai haruffa da lambobi da ba sa karantuwa, yana bin mutum dubu biyar shi kuma mutum bakwai ke bin sa, hotuna uku da aka saka duk rana ɗaya, ko bayanin kai da yaren da babu ruwansa da Hausa. Amma a yi hattara da abu guda. Mata da yawa a Arewa ba sa saka hotonsu, shafinsu a kulle yake, ba su taɓa wallafa komai ba, kuma su ne ainihin masu sayen turare. Shafi mai hoton fure da suna irin Maman wance, yana bin mutum ɗari uku, mutum tamanin na bin sa, wannan mutum ce. Rashin hoto shi kaɗai ba hujja ba ne. Kuma babu shafin da ba ya da 'yan bogi kaɗan, domin suna bin mutane ko ba a gayyace su ba. Uku ko huɗu a cikin talatin ba komai. Goma sha biyu kuwa ka rufe ka wuce.

Idan kana da data da lokaci, shafin Social Blade yana nuna yadda mabiyan wasu asusun suke ƙaruwa rana bayan rana. Abin nema shi ne tsalle: mabiya dubu takwas a rana guda, sannan su riƙa zubewa ɗari-ɗari a kwanakin da suka biyo baya. Ka koma ka duba ko a ranar akwai bidiyon da ya yi tashe. Idan akwai, tsallen yana da dalili. Idan babu, an saya.

Abin da sai mai shafi ya nuna maka

Bayan wannan tankaɗe, cikin goma sha biyar watakila biyar ne za su rage. Yanzu ne za a yi magana. Saƙon ya zama gajere kuma da ladabi, kamar haka: "Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki. Ina haɗa turaren wuta a nan Kano, kuma ina bibiyar aikinki. Ina so mu yi maganar talla. Don Allah nawa ne bidiyo ɗaya da sitori biyu? Kuma idan ba damuwa, ki ɗan naɗo min allon Insights ɗinki na kwana 30, wurin da ke nuna garuruwa da shekaru da jinsin mabiya."

Ka lura, naɗin allo aka nema, ba hoton allo ba. Hoto yana gyaruwa cikin minti biyu, kuma ana iya aro na wani. Bidiyon da ya fara daga fuskar shafin, ana ganin suna, ya shiga Professional dashboard, ya gangara har Top locations da Age range da Gender, wannan da wuya a yi masa dabara. Idan gari ɗaya kuke, ka je shagon da kanka ta buɗe a gabanka. A TikTok wurin yana cikin TikTok Studio a ƙarƙashin Analytics, kuma can ka roƙi a buɗe maka bidiyon talla guda na baya ka ga Average watch time, wato daƙiƙa nawa mutane suke tsayawa. Bidiyon minti ɗaya da ake barinsa a daƙiƙa huɗu, ko kallonsa ya kai dubu hamsin, babu wanda ya ji sunan kayan. Mai shafin da ya saba aiki ba ya jin haushin wannan tambaya. Wanda ya ce sirri ne, ko ya ce kai ma ai kana ganin yawan mabiyana, ya ba ka amsa.

Wajen karanta ƙasashe ma akwai abin lura. Mai yin bidiyo da Hausa dole a ga Nijar a jerinsa, a ga Ghana, Kamaru, Chadi, Sudan da Saudiyya, domin akwai Hausawa a can kuma suna kallo sosai. Wannan ba alamar bogi ba ce, tambayar kawai ita ce ko kayanka na isa can. Amma idan mai magana da Hausa daga Kano tana da kashi 30 na mabiyanta a Indiya, Brazil ko Indonesiya, babu wani bayani sai saye.

Mu koma ga mai turare

A ce huɗu ne suka amsa mata. Na farko mai barkwanci ne, mabiya 85,000, yana neman naira 50,000. Shi ne mai kallo 2,400 da laik 1,900, kuma da aka nemi naɗin allo sai ya turo hoto, daga baya ya daina amsawa. Ya fita.

Ta biyu matashiya ce mai bin waƙoƙi a TikTok da Instagram, mabiya 40,000, kallon tsakiya 18,000, tana neman 30,000. Mabiyanta na gaske ne tsaf, sharhi kamar ruwa. Amma allon ya nuna kashi 72 maza ne, kuma kashi 40 ne kawai suke Kano, Kaduna da Abuja. Ta uku mai koyar da girki ce, mabiya 14,000, kallo 4,000, kashi 75 mata, tana neman 20,000, sai dai masoyanta sun warwatsu har Yamai da Maraɗi da Jidda, kashi 35 ne a garuruwan nan uku. Ta huɗu mai kwalliyar amare ce da ke da shago a cikin gari, mabiya 9,200 kacal, kallo 3,100, laik 260, sharhi 30, wato ƙarfin mu'amala ya ɗan haura kashi 3. Kashi 81 mata ne, kashi 66 a garuruwan uku, kuma 15,000 ta nema.

Yanzu sai a tambaya: a cikin masu kallon kowacce, nawa ne mata da ke inda turare zai iya kaiwa?

```
kallo × kason mata × kason garuruwa
18000 × 0.28 × 0.40 = 2016
4000 × 0.75 × 0.35 = 1050
3100 × 0.81 × 0.66 = 1657
```

Idan aka raba kuɗin kowacce da wannan adadi, mai waƙa ta tashi kusan naira 15 kan kowace mai kallo mai amfani, mai girki naira 19, mai kwalliya naira 9. Lissafin kiyasi ne, domin masu kallo ba daidai suke da mabiya ba, amma ya isa ya nuna cewa wadda ta fi kowa ƙarancin mabiya ita ta fi araha nesa ba kusa ba. Kuma akwai abin da lamba ba ta ɗauka: macen da ke kallon mai kwalliyar amare tana cikin tunanin biki ne, kuma turaren wuta yana cikin kayan da ake haɗa wa amarya. Mai kallon bidiyon waƙa nishaɗi ta zo nema.

Sauran bincike biyu kafin a biya. Na ɗaya, ka nemi waɗanda ta yi wa talla a baya, sunansu na nan a bidiyoyin, ka tambaye su kai tsaye ko sun ga ciniki kuma ko ta cika alƙawari a kan lokaci. 'Yan kasuwa ba sa ɓoye wa juna irin wannan. Na biyu, ka gangara cikin shafin wata shida baya ka ga irin rayuwar da ake yi a ciki. Idan kowace rana talla ce, jiya wannan turare ne ya fi kowane, yau wancan, mabiyanta sun daina jin maganarta. Idan kuma mai yawan faɗa da zage-zage ce, ka tuna cewa a Kano an sha gurfanar da 'yan TikTok a kotu kan abin da suke wallafawa, kuma sunan kayanka zai rataya a jikin nata.

Yarjejeniya da gwaji

Kada a zuba 60,000 ɗin duka a karon farko. Mai turare ta fara da mai kwalliya, ta aika mata kwalba ɗaya ta yi amfani da ita na kwanaki kafin ta ce komai, domin wadda ta turara ɗakinta da abu ba ta yin magana irin ta wadda aka ba takarda ta karanta. Sai a rubuta sharuɗɗa ko da a WhatsApp ne, ta amsa da "na yarda": bidiyo ɗaya da sitori biyu, rana da lokacin sakawa, bidiyon zai zauna aƙalla kwana 30 ba a goge ba, ba za ta tallata wani turare ba har mako biyu, za a ga bidiyon kafin ya fita, kuma bayan kwana bakwai za ta turo naɗin allon sakamako. A kuma faɗa ko mai turare tana da izinin saka bidiyon a nata shafin. Rabin kuɗi kafin aiki, rabi bayan an saka. Sitori awa 24 yake yi ya ɓace, don haka duk wanda ya biya kuɗin sitori kaɗai ya tabbata ya ga yawan masu kallon sitorin tukuna, ba na bidiyo ba.

A bar ta ta yi magana da bakinta, amma a ja mata layi a kan abin da ba za ta faɗa ba. Kada ta ce turare yana maganin wata cuta ko yana mallakar miji. Kayan ci, na shafawa da magunguna suna ƙarƙashin NAFDAC, kuma hukumar tana sa ido har a kan tallansu. Ita ma ARCON, hukumar kula da tallace-tallace da dokar 2022 ta kafa a madadin APCON, ta bayyana cewa tallan da masu tasiri suke yi a intanet yana cikin waɗanda ake neman amincewarta kafin su fita, don haka mai son ya faɗaɗa harkar ya nemi bayanin ƙa'idarsu. Kuma a kunna alamar Paid partnership, ko ta faɗa da baki cewa talla ce.

Sai hanyar ƙirga. Kowace mai talla a ba ta kalmarta, a haɗa mata mahaɗin WhatsApp da zai buɗe da saƙo a rubuce. Ana sa lambar ƙasa, 234 ga Najeriya ko 227 ga Nijar, a cire sifilin farko, ba a sa alamar tarawa:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX?text=Ina%20son%20turare%20AMARE1
```

Duk saƙon da ya shigo da AMARE1 an san daga ina yake. Da yake wasu za su kwafi lambar ne kawai su kira, a riƙa tambayar kowace sabuwar kwastoma a ina ta ga kayan, a rubuta. Ɗan rangwamen naira 200 ga wadda ta faɗi kalmar yana sa mutane su tuna ta, amma a cire shi daga riba wajen lissafi. Kuma kada a saki masu talla biyu a mako guda, in ba haka ba ciniki zai cakuɗe.

Tun kafin bidiyo ya fita a san adadin da zai mayar da kuɗi. Naira 15,000 da kwalbar kyauta mai 3,200 sun zama 18,200, a raba da ribar 1,800 idan ba a yi rangwame ba, kwalba 11 ke nan. Da mai waƙa aka ɗauka da sai an sayar da 19. A ce cikin kwana goma saƙo 47 ya shigo, mutum 14 suka biya, kwalba 17 ta fita. Riba 30,600, an cire 18,200, saura 12,400, ga kuma sababbin lambobi 47 da za su iya ganin sitatus ɗin mai turare idan sun ajiye lambar juna, kuma turare abu ne da yake ƙarewa a dawo.

Idan sakamakon bai yi kyau ba, yadda ya lalace shi ke nuna inda matsalar take. Kallo da yawa amma saƙo biyu ko uku, to ko masu kallon ba naka ba ne, ko bidiyon bai faɗi yadda za a same ka ba da wuri. Ka duba tsawon kallo a naɗin allon da ta turo: idan mutane suna ficewa kafin a ambaci kayan, laifin tsarin bidiyon ne kuma yana gyaruwa. Saƙo da yawa amma ba ciniki, wannan ba laifin mai talla ba ne, ta kawo mutane, sai ka duba farashinka, kuɗin kaiwa, da kuma awa nawa kake ɗauka kafin ka amsa. Ranar da talla za ta fita wayar ta kasance a hannu da caji, hotuna da farashi da lambar asusu a shirye, domin mai tambaya "nawa?" da ƙarfe tara na dare ba lallai ta jira safiya ba. Idan kuwa kallon bidiyon ya tashi daga ɗari huɗu zuwa dubu biyar cikin awa ɗaya da tsakar dare, sharhi bai ƙaru ba, saƙo bai shigo ba, to an saya masa kallo ne don a cika maka ido, kuma wannan dalili ne na riƙe rabin kuɗin da ya rage har a yi bayani.

Da gwajin farko ya biya, mai turare tana da saura naira 45,000 a cikin abin da ta ware. Ni da zan ba ta shawara, ta koma wa mai kwalliyar da tayin wata uku, bidiyo ɗaya a kowane wata a kan 12,000, ta bar mata kwalabe a shago amare su shaƙa, tana ba ta naira 500 a kan duk wadda ta fita ta hannunta. Ragowar 9,000 kuma ta gwada sitori kawai a wurin mai girki da wata kalmar daban, a makon da mai kwalliya ba ta saka komai ba.